Yadda Ake Cire "Kusa", "Babba" da "Da Dama" Daga Rahoton Haɗarin Mota

Mu ɗauki misalin bas Hayis ta wani kamfanin sufuri da ta yi karo da a-daidaita-sahu a bakin wata kasuwar ƙauye. Ga irin rahoton da yakan iso ofis washegari:

"Haɗarin ya faru kusa da kasuwa, da yamma. Akwai babban rami a hanya. Motar tana gudu sosai, ta ja burki mai tsawo, ta bugi a-daidaita-sahu mai ɗauke da kaya da yawa. Mutane da dama sun ji rauni. Gaban motar ya lalace sosai, mai ya zube da yawa."

Ba a yi nufin ƙarya a ciki ba, amma akwai wurare tara da mai karatu zai cike da tunaninsa. Manajan kamfani zai ɗauka ramin ne ya jawo abin. Ma'aikacin inshora zai ɗauka gudu ne. In maganar ta kai kotu bayan wata takwas, ruwan sama ya wanke sawun taya, an cike ramin, an gyara motar, wannan takarda kaɗai ta rage, kuma ba za ta iya raba gardamar kowa ba. Abin da ke tafe hanya ce ta mayar da waɗannan kalmomi lambobi, ga sakataren tasha, da jami'in kamfani, da duk wanda aikinsa ya haɗa da rubuta irin wannan rahoto.

Kafin ka ciro tef

A fara da masu rauni, sannan a kafa alamar gargaɗi a ɓangarori biyu, a sa mutum ya riƙa tsare maka hanya, don mai awo a tsakiyar titi kansa a sunkuye yake. In 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra sun iso, wurin yana hannunsu. Ka nemi izini, kada ka matsar da komai. Kayan aikin ba su da yawa: tef mai mita 30 ko 50, ƙaramin tef na aljihu mai mita 5, alli ko fentin feshi, sanda miƙaƙƙiya, littafi da biro, da waya mai caji.

Mataki na ɗaya: ka yi wa motoci shaida tun ba a janye su ba

Sawu da tarkace su ne ke saurin ɓacewa, musamman a hanyar kasuwa inda direbobi ke matsa lamba a buɗe musu hanya. Ka zaga kowace mota ka ja alli a gindin kowace taya, ka rubuta sunanta a kwalta: gaba dama, gaba hagu, baya dama, baya hagu. Ka shata farkon sawun burki da ƙarshensa, da wurin da ƙarfe ya karci kwalta, da iyakar inda gilashi ya watsu. Da zarar an yi wannan, ko an ture motocin gefe awonka bai lalace ba.

Mataki na biyu: ka zaɓi abu biyu da ba sa motsi

Nan ne gindin aikin, kuma nan aka fi yin sakaci. "Mita 12" ba ta fi "kusa" amfani ba in ba a faɗi daga ina ba. Kana buƙatar abubuwa biyu da mutum zai dawo bayan shekara ya tarar da su a inda suke: kan kwalbati, falwayar kankare, ƙafar gada, kusurwar ginin siminti. Rumfar mai shayi, motar da ta yi fakin, tarin yashi, duk ba sa cikin lissafi. Bishiya ma a bar ta sai in babu wani abu, don ana sarewa, kuma kututture mai kauri ba shi da takamaiman wurin da za a ɗora bakin tef.

A misalinmu, hanyar ta miƙe daga kudu zuwa arewa, kwalta mai faɗin mita 7.3, hannu biyu. Bas ɗin ta nufi arewa, wato tana hannun gabas, tunda a Najeriya dama ake bi. A gefen gabas akwai kwalbati, akwai kuma falwayar kankare a arewa da shi, kowanne mita 2 daga bakin kwalta. Sai a sa wa kusurwar kudu ta kan kwalbatin suna Alama ta 1, gindin falwayar ta fuskar titi Alama ta 2. A auna tsakaninsu: mita 30 cif. A rubuta, a ɗau hoton kowacce.

Daga nan duk abin da za ka nuna wurinsa, sai ka ja tef zuwa gare shi sau biyu, sau ɗaya daga kowace alama. Karcin da ƙarfen a-daidaita ya yi a kwalta, wanda shi ne shaida mafi ƙarfi ta wurin karo, ya ba da mita 18.4 daga Alama ta 1, da mita 12.6 daga Alama ta 2. Dalilin awo biyu shi ne, awo ɗaya da'ira yake zanawa: duk wurin da ke mita 18.4 daga kwalbati ya dace da shi, ko a titi ko a gona. Awo na biyu ne ke tsayar da shi. Ko da haka wurare biyu ne za su dace, ɗaya a kowane ɓangare na layin da ya haɗa alamomin, shi ya sa ake ƙara kalma ɗaya: yamma da layin. Da waɗannan lambobi kaɗai, wanda bai taɓa zuwa wurin ba zai zana a takarda ya ga cewa karon ya faru mita 2 daga bakin kwalta na gabas, wato a cikin hannun bas. Wannan magana ce babba a shari'a, kuma rahoton farko bai ko taɓo ta ba.

Hanya mai sauƙi ta gane ka yi kuskure: ka haɗa awon biyu. In jimlarsu ta gaza nisan da ke tsakanin alamomin, akwai matsala, don 18.4 da 12.6 sun ba da 31, sun ɗara 30, haka ya kamata. Da ka samu 16 da 12, to an yi kuskuren karanta tef, ko an karanta ɓangaren ƙafa maimakon na mita wajen auna tsakanin alamomin. Wannan na biyun yana yawan faruwa, domin yawancin tef ɗin da ake sayarwa fuska biyu gare shi, kuma magina da kafintocinmu sun fi sabawa da ƙafa da inci. Ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce. Ka tsaya a kan mita daga farkon rahoto har ƙarshe.

"Kusa da kasuwa" kuma fa? Wannan nisa ne mai tsawo, kuma ba ya buƙatar santimita. An ja tef ɗin mita 50 sau biyu da ɗoriyar 40 daga ƙofar kasuwa zuwa bakin hanyar burji da a-daidaita ya fito, sai a rubuta mita 140 arewa da ƙofar kasuwa. Lambobin wuri da Google Maps ke nunawa suna da kyau don a gane garin da hanyar, ka sa su a saman rahoto. Amma waya takan kauce da kamar mita 5 ko a fili, faɗin hannu ɗaya na titi kuwa bai kai mita 4 ba. Ba za ta iya gaya maka a hannun wa aka yi karo ba.

Mataki na uku: "babba" na neman lamba uku

Tsawo, faɗi, zurfi. Ka gitta sandar a bakin ramin ta hau kwalta ɓangare biyu, ka zura ƙaramin tef daga ƙasan sandar zuwa wuri mafi zurfi. Raminmu ya ba da tsawon mita 1.2, faɗin santimita 80, zurfin santimita 9. Sannan a auna inda yake: bakinsa na kudu yana mita 11 arewa da wurin karo. Bas ɗin kuwa mita 5 ta ƙara bayan karo ta tsaya. Ashe ko kai wa ramin ba ta yi ba. Ba sai ka rubuta cewa ramin ba shi da laifi ba, lambobin sun isa.

Lalacewar mota ma haka. Kada ka ce gaba ya lalace sosai. Ka kwatanta ɓangaren da ya lotsa da wanda bai taɓu ba: bamba ta dama ta shige ciki da santimita 18, faɗin lotsawar santimita 55, tsakiyarta santimita 48 daga ƙasa, fitilar dama ta fashe, lagireto ya huje. Awon daga ƙasa shi ne wanda mutane ke mantawa, alhali da shi ake gwada lotsawar wannan mota da ta waccan, a kuma gane tsohuwar lotsawa da wani ke son cusawa cikin kuɗin gyara. In za ka ɗau hoto, ka shimfiɗa tef a buɗe a jikin abin, ka tsaya saitinsa. Hoton rami ba tare da ma'auni a ciki ba yana iya zama na kowane girma, ya danganta da yadda aka karkata waya.

Mataki na huɗu: a ƙirga, kuma lissafi ya rufe

"Mutane da dama" ba ya buƙatar tef, natsuwa yake buƙata. Fara da adadin waɗanda ke cikin kowace mota. Bas: fasinja 16, direba, kwandasta, 18 ke nan. A-daidaita: direba da mai kaya, 2. Jimla 20. Sai a raba su: 2 an kwantar a asibiti, 3 an duba su an sallame su a ranar, 15 ba su kai ƙorafin rauni ba, ba wanda ya rasu. In ka haɗa dole ya koma 20. In ya ba da 19, akwai wanda wani mai taimako ya ɗauka a mashin zuwa wani asibiti dabam, sai a nemo shi. Kada ka dogara da takardar fasinjoji ta tasha ita kaɗai, kowa ya san ana saukewa ana ɗauka a hanya. Ka tambayi kwandasta, ka tambayi fasinja biyu dabam-dabam.

Ka sa lokacin da ka yi ƙirgar, don adadin na canzawa: "zuwa ƙarfe 9:00 na dare". Girman rauni kuma ba naka ba ne. "Mummunan rauni" a bar wa takardar likita. Kai ka rubuta abin da ido ya gani da abin da aka yi: yanka a goshi, an ɗinke, an sallame shi.

Kaya: buhu 6 na siminti, kowanne kilo 50 kamar yadda aka buga a jikinsa, jimla kilo 300. In buhun hatsi ne ka yi hattara, don buhun masara ba shi da tsayayyen nauyi, ya danganta da cikar da aka yi masa. Ka rubuta adadin buhu da abin da ke ciki, in da hali a ɗora ɗaya a sikeli.

Sai "mai ya zube da yawa". Da farko a tabbatar mene ne ya zube. A misalinmu ruwan lagireto ne, ba mai ba, kuma shatinsa a kwalta mita 1.5 ne a santimita 60. Ido yana ruɗuwa a nan ƙwarai: lita ɗaya tak, in ta bazu da kaurin milimita ɗaya, tana rufe mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi. Don haka ka ba da girman shatin, kada ka ƙirƙiro lita. In jarka ce ta fashe, lissafin ya fi sauƙi: jarka mai lita 25, an tarar da saura lita 10, abin da ya zube bai wuce 15 ba.

Lokaci kuma yana cikin waya. Kiran farko da kwandasta ya yi wa ofis ya nuna 5:42 na yamma, ya ce bai fi minti uku da karon ba. Sai a rubuta "tsakanin 5:39 da 5:42 na yamma, bisa rajistar kira". Ya fi "da yamma" nesa ba kusa ba.

Mataki na biyar: gudu

Wannan ita ce kalmar da ta fi kowace haɗari, don ita ce ke ɗora laifi, kuma ba wanda ya auna ta. Kada ka maye gurbin "gudu sosai" da "kilomita 120" don wani ɗan kallo ya faɗa. Mutumin da ke tsaye a gefen titi ba ya iya kimanta gudun mota da ido, ƙarar burki da firgici ne ke ba shi lamba. In ya faɗa, ka rubuta a matsayin maganarsa, tare da inda yake tsaye: mita 20 yamma da wurin karo, a bakin shago. In motar kamfani ce mai na'urar bin sawu, a ciro bayananta, sun fi kowace shaida.

Abin da kai za ka iya aunawa shi ne sawun burki. Ka auna kowane layi dabam, ka durƙusa ka duba daga ƙasa-ƙasa, domin farkon sawu dishi-dishi yake, wanda ke tsaye yakan rasa mita biyu ko uku na farko. A nan layin hagu mita 25, na dama mita 23, matsakaici 24. Ka ƙara da yanayin hanya: kwalta busasshiya, ba yashi, ba gangara. Masu bincike suna sa waɗannan a wannan lissafi:

```
v = √(254 × f × d)
```

A ciki, d tsawon sawu ne a mita, f kamun taya da hanya, wanda a busasshiyar kwalta akan ɗauka kamar 0.7, v kuma gudu a kilomita cikin awa. Sawun mita 24 ya ba da kusan 65. Duba abin da "burki mai tsawo" ke ɓoyewa: da mita 15 ne, amsar kusan 52 ce, da mita 40 ne, kusan 84. Dokar hanya ta Najeriya ta sa iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 a awa, saboda haka tsakanin waɗannan lambobi akwai bambancin mai ɗan ƙetare iyaka da mai ganganci.

Lissafin yana da iyaka. Abin da yake bayarwa mafi ƙarancin gudu ne, don bai ƙirga wanda karon kansa ya cinye ba. In akwai yashi ko ruwa a kan kwalta, 0.7 ba ta aiki. Motocin da burkinsu ba ya kulle taya sau da yawa ba sa barin sawu bayyananne. A ganina, mai rubuta rahoton farko ya ba da tsawon sawu da yanayin hanya ya tsaya nan, ya bar fitar da gudu ga mai bincike. Na kawo lissafin ne don ka ga dalilin da ya sa ba a wasa da mita ɗaya a wannan awo.

Akwai awo ɗaya kuma da ya cancanci wahalarsa: nisan da ake hangowa. Ka tsuguna a bakin hanyar burjin daidai tsayin idon mai tuƙa a-daidaita, ka sa wani ya yi ta tafiya kudu har ya ɓace maka. A misalinmu wani kes na mai sayar da kati ya tare gani a mita 48. Mota mai gudun 65 tana cin mita 18 a daƙiƙa. In aka ba direba daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta kama burki, mita 27 sun tafi, a ƙara 24 na burki, 51 ke nan, ta zarce 48. A gudun 50 kuwa, kusan mita 35 sun ishe shi tsayawa.

Mataki na shida: kowace lamba ta faɗi asalinta

Lamba tana da kwarjini, mai karatu yakan gaskata ta ba tambaya. Saboda haka lambar da aka ƙaga ta fi kalmar "kusa" ɓarna. Ka saba da kalmomi huɗu: na auna, na ƙirga, na kimanta, an gaya mini. Kowace lamba a rahoto ta zo da ɗaya daga cikinsu.

In ba tef, taku ma awo ne muddin ka gwada shi. Daga baya ka shimfiɗa mita 10 ka taka yadda ka saba. In ya ɗauke ka taku 13, takunka kusan santimita 77 ne, sai ka rubuta "taku 31, kimanin mita 24, da taku aka auna". Kada ka rubuta 23.87, don ƙafarka ba ta san santimita ba. In kimantawa ce zalla, ka ba da iyaka biyu: tsakanin mita 20 da 30.

Ga yadda rahoton ya koma:

"Karon ya faru tsakanin 5:39 da 5:42 na yamma, bisa rajistar kiran kwandasta, a bakin hanyar burji da ke mita 140 arewa da ƙofar kasuwa. Karcin kwalta yana mita 18.4 daga Alama ta 1, mita 12.6 daga Alama ta 2, yamma da layinsu, mita 2 daga bakin kwalta na gabas. Sawun burkin bas: hagu mita 25, dama mita 23, kwalta busasshiya. Bas ta tsaya mita 5 arewa da karcin. Akwai rami mai tsawon mita 1.2, faɗin santimita 80, zurfin santimita 9, mita 11 arewa da karcin. Daga bakin burjin ana hangen kudu har mita 48. Duk waɗannan da tef na auna su. A-daidaita na ɗauke da buhun siminti 6, na ƙirga. Mutum 20 ne a motocin biyu, bisa bayanin kwandasta da fasinja biyu. Zuwa 9:00 na dare, 2 na kwance a asibiti, 3 an sallame su, 15 ba su kai ƙorafi ba. Bambar dama ta bas ta shige santimita 18, faɗin 55, tsayin 48 daga ƙasa. Ruwan lagireto ya zube, shatinsa mita 1.5 a santimita 60."

Kafin ka sa hannu, ka bi rahoton layi-layi da biro, ka kewaye duk inda ka ga kusa, nesa, gab da, babba, ƙarami, sosai, kaɗan, da yawa, da dama, wasu, nan take. Kowacce ka tambaye ta: nawa, daga ina, da me aka auna. Wuri ɗaya kaɗai ake barinsu yadda suke, wato cikin maganar shaida. In mutum ya ce "motar ta taho a guje", haka za ka rubuta, kada ka gyara masa baki. Abin da za ka iya shi ne ka kai shi wurin ka ce, "Malam, nuna mini inda motar take lokacin da ka fara ganinta." Ya nuna, ka sa alli, ka auna daga alamominka biyu, ka rubuta cewa shi ya nuna.

In ka iso a makare an riga an janye motoci, ka faɗi haka a layin farko tare da lokacin isowarka, ka auna abin da ya rage a ƙasa kaɗai: karci, sawu, shatin ruwa, rami. Wurin tsayawar motoci sai ya shiga sahun "an gaya mini". Takardar da ka yi zanen farko a kanta kuma, ko ta yi datti ko ta sha goge-goge, ka haɗa ta da rahoton. In ka gano kuskuren awo daga baya, ka ja layi ɗaya a kan tsohuwar lambar yadda za a iya karanta ta, ka rubuta sabuwar a gefe da kwanan wata da sa hannunka.